Wai yanzu kwali ne zai lalata muku 'ya'ya?

To madalla, an ceto tarbiyya. An taru a guruf ɗin iyaye an yi wa malamar da ke koya wa yara kauce wa damfarar waya ta hanyar wasan kati ca, wai ta kawo caca aji. Yaron da kuka saya wa waya da sallah, yana kan TikTok har biyun dare, wannan duk lafiya lau. Kwalin da aka yanka aka yi rubutu a kai, shi ne fitina.

Tsakani da Allah, wa ya karanta katin ko guda ɗaya kafin ya yi sharhi? Ga ɗaya: "Abokinka ya turo saƙo a WhatsApp, ya ce lambarsa mai alƙaluma 6 ta shigo wayarka bisa kuskure, ka taimaka ka turo da sauri. Me za ka yi?" Yara su zauna a zagaye, ɗaya ya ja kati ya ba da amsa, sauran su yi gardama su ba shi maki. Ba a sa ko kwabo. Ina cacar?

Yaro zai ce ai abokina ne, zan tura. Sai a juya bayan katin ya gani: lambar ta WhatsApp ɗin shi yaron ce, duk wanda ya shigar da ita a wata waya ya ƙwace akawun, a fitar da shi, a shiga roƙon danginsa kuɗi da sunansa. Abokin ma tuni aka ƙwace nasa, ɓarawo ne ke magana. Abin yi shi ne kada ya tura, ya kira abokin ya ji muryarsa, sannan ya kunna Two-step verification ya sa lambar sirri.

Ya faɗi a wasa, an yi masa dariya, ya rasa maki biyu. Gara ya faɗi nan. Wallahi gara ya faɗi nan, a gaban 'yan ajinsu, da ya faɗi shi kaɗai cikin dare yana tsoron gaya wa kowa.

"Ai muna yi musu nasiha." Wace nasiha? "Ka yi hankali da waya"? Ɗan damfara ba ya zuwa da ƙaho, da hoton aboki yake zuwa. Sai yaro ya taɓa furta "ba zan tura ba" da bakinsa kafin ranar. Masu cewa a hana waya gaba ɗaya kuwa, Allah ya ba da sa'a, ta abokinsa tana nan.

In za ku soki wasan, ku soki katin banza, irin mai tambayar ko ya dace a ba baƙo adireshin gida. Duk katin da yara suka amsa baki ɗaya ba gardama, a jefar, bai koyar da komai ba.

Af, Alhajin da ke turo mana mahaɗar "data kyauta, tura wa mutum ashirin" a wannan guruf ɗin, don Allah a raba mu da ita. Wayata ta cika.