Mun iya ciniki a kasuwa, mun kasa cinikin albashi

Ka tsaya a Kantin Kwari ka ga yadda matashi ke cinikin shadda yadi biyar. Zai taya, a ce masa albarka, ya ƙara, ya juya kamar zai tafi, a kira shi ya dawo, duk a kan naira dubu biyu. Shi wannan matashin, ranar da aka kira shi intabiyu aka tambaye shi nawa yake so a biya shi, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, duk abin da kuka ba ni Allah ya sa albarka." A ganina wannan magana ɗaya ta fi duk wani kashe kuɗi na banza da zai yi a shekarunsa biyar na farko jawo masa asara.

Kusan duk nasihar da ake yi wa matasa kan kuɗi a kan tattali take: ka rage sayen kati, ka shiga adashe, ka daina cin abinci a waje. Ba na ƙin ko ɗaya. Amma tattali yana da iyakar da ba ya wucewa, domin haya da abinci da kuɗin mota ba su san kana tari ba. Mai ƙaramin albashi ko ya matse kansa kamar tsamiya, abin da zai fita kaɗan ne.

Bari mu yi lissafi, da misali na ƙirƙira amma da adadin da ba baƙo ba ne. A ce wani kamfani ya ɗauki matasa biyu aiki iri ɗaya, ya yi wa kowa tayin abin da zai riƙa shiga asusunsa naira 150,000 a wata. Na farko ya karɓa nan take. Na biyu ya nemi ƙari, aka tsaya a 180,000. Dukansu suna kashe 135,000 a wata kan haya, ci, abin hawa da ɗan abin da ake aika wa gida. Na farko yana ajiye 15,000, na biyu 45,000. Ƙarin albashin kashi 20 cikin ɗari ne kawai, amma abin ajiyewa ya ninka sau uku. Dalilin shi ne duk ƙarin ya sauka ne a saman kuɗin da aka riga aka gama biyan buƙata da su. Kafin na farko ya kamo na biyu ta hanyar tattali, sai ya zaftare 30,000 daga cikin 135,000 ɗin da yake rayuwa da su, kuma duk wanda ke biyan haya ya san wannan ba wasa ba ne.

Tazarar kuma ba a nan take tsayawa ba. A mafi yawan kamfanoni ƙarin albashi na shekara kaso ne na abin da kake karɓa. Idan ana yi wa su biyun ƙarin kashi 10 duk shekara, bambancin 360,000 na shekarar farko zai riƙa girma, jimillarsa a shekara biyar ta kai kusan naira miliyan 2.2. Sai fansho: dokar 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba kashi 10, kuma a kan albashi ake lissafa su. Sannan ranar da kowannensu zai nemi wani aikin, tambayar da za a fara yi masa ita ce nawa ake biyansa a inda yake, a ɗora sabon tayi a kai. Ke nan albashin farko shi ne harsashin da ake ta ɗora gini a kansa.

Wani zai ce ai yanzu samun aikin ma shi ne wahala, wa ke da bakin ciniki? Akwai gaskiya a ciki, zan dawo kanta. Amma a tuna abin da ya faru tun cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 34 cikin ɗari bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Ko da kashi 30 muka ɗauka, wanda albashinsa ya tsaya a 150,000 tsawon shekara guda, abin da kuɗin ke saya masa ya koma kamar na 115,000. An rage masa albashi ba tare da an rubuta masa takarda ba. Ita kanta gwamnati sai da ƙungiyoyin ƙwadago suka yi ta jan ciniki da ita, har da yajin aiki, kafin mafi ƙarancin albashi ya tashi daga 30,000 na 2019 zuwa 70,000 a watan Yulin 2024. Ban ga wanda ya kira wannan rashin kunya ba.

Yadda ake cinikin ba wani sirri ba ne, kuma ɗan kasuwa ya riga ya san shi. A nan kai ne mai kaya, kamfani ne mai saye. Mai kaya ba ya sa farashi sai ya san yadda kasuwa ta kwana, don haka kafin ranar sai ka tambayi mutum biyu ko uku da ke irin wannan aiki a wasu wuraren. Mutanenmu ba sa son faɗin albashinsu, to kada ka tambayi nasu, ka ce, "Yallaɓai, wanda ya shigo sabo a wannan matsayi, tsakanin nawa da nawa ake ba shi?" Wannan kowa na amsa ta. Lokacin magana kuma shi ne bayan sun ce kai suke so, kafin ka sa hannu. Kafin nan ba ka da ƙarfi, bayan nan kuma an riga an sallama.

Kuskuren da na fi gani shi ne kawo buƙata a matsayin hujja: ina da iyali, haya ta tashi, mahaifiyata ba lafiya. Manaja zai tausaya maka, amma ba zai iya kai wannan gaban mai kamfani ba. Abin da zai iya kaiwa shi ne aikin da ka iya da farashinsa a waje. Misali ka ce, "Na gode da wannan tayi, kuma ina son aikin. Na bincika na ga masu riƙe littafin ajiyar kaya da lissafin ciniki a kwamfuta ana biyansu tsakanin 180,000 da 200,000. Ni na yi wannan shekara biyu. Ko za a iya kai ni 190,000?" Sai ka yi shiru. Shirun nan shi ne wurin da yawancinmu ke faɗuwa, mu yi saurin cewa "amma ko ba haka ba ma babu komai", mu rushe abin da muka gina da bakinmu.

A kula da wane adadi ake magana a kai. Albashin da ke kan takarda daban, abin da ke shiga asusu bayan an cire haraji da fansho daban. Ka tambaya a fili nawa zai shigo hannunka. Idan an ce kuɗi ba zai motsu ba, akwai sauran abin nema: alawus na mota, inshorar lafiya, kuɗin jarrabawar ƙwarewa, ko a sake duba albashin bayan wata shida. Amma duk alkawarin da bai shiga takardar ɗaukar aiki ba, ka ɗauka ba a yi shi ba, domin manajan da ya yi maka shi yana iya barin wurin kafin wata shidan.

Yanzu ga inda maganata ba ta aiki. A aikin gwamnati babu ciniki. Mai digiri yana shiga a mataki na 8, tsarin albashi a rubuce yake, babban sakatare ma ba zai canza maka shi ba. Haka a wurin da masu nema suka yi yawa kuma kowa zai iya maye gurbin kowa, kamar koyarwa a ƙananan makarantu masu zaman kansu. Malamin da ake biya 50,000 ko ya fi kowa iya baki, da ƙyar ya kai 60,000, saboda kuɗin makarantar da iyaye ke biya shi ne ya ƙayyade abin da mai makaranta zai iya bayarwa. A irin wannan wuri matsalar ta kasuwar ce gaba ɗayanta, kuma mafita ita ce canza kasuwa.

Sauya fanni kuwa lissafi ne irin na wanda zai zuba jari. A ce malamin nan mai 50,000, wanda lissafi yake koyarwa, ya ga cewa masu haɗa wutar sola ko masu riƙe lissafin kamfanoni suna samun 130,000. Ya kashe 200,000 wajen koyo da sayen kayan aiki, ya kuma yi wata huɗu babu albashi, wato wata asarar 200,000. Jarinsa 400,000 ke nan. Ƙarin da zai samu 80,000 ne a wata, cikin wata biyar ya mayar da kuɗinsa. Ban san wata haja a kasuwa da ke mayar da uwar kuɗi da wannan sauri ba. Sai dai duk lissafin ya rataya ne a kan 130,000 ɗin nan, ko gaskiya ce ko labari. Hanyar ganewa ɗaya ce: ka nemo mutanen da suka bi hanyar kuma suke cin abinci da ita yau, ka ji daga bakinsu. Cibiyar koyarwar da ke tallan cewa wata uku za ka fara karɓar dala, ka ce ta haɗa ka da ɗalibanta na bara. In ta fara kame-kame, ka riƙe kuɗinka.

Na fi son sauyin da ke kusa da abin da mutum ya riga ya iya. Malamin lissafi ya koma harkar akanta, yana rubuta jarrabawar ICAN, ƙungiyar ƙwararrun akantocin Nijeriya, mataki-mataki yana kan aikinsa, ya fi masa sauƙi a kan ya watsar da komai ya fara wani fanni daga tushe. Kuma kada a saki reshe a kama ganye: a koya da yamma da ƙarshen mako, a ajiye tsohon aiki bayan takardar sabon ta shigo hannu. Wannan ya fi sauƙi ga ɗan shekara 26 da ba ya biyan kuɗin makarantar kowa a kan ɗan shekara 40 mai 'ya'ya biyar, shi ya sa nake cewa abin na farkon rayuwar aiki ne.

Saura abu ɗaya da kan cinye ribar duka. Na biyun can da ya samu 180,000, idan a watan farko ya koma gida mai tsada ya canza waya, kashe kuɗinsa ya tashi zuwa 165,000, ya dawo daidai da abokinsa mai ajiye 15,000. Ga kuma 'yan uwa, da zarar an ji an yi maka ƙari sai buƙatu su ƙaru, kuma wasunsu haƙƙi ne da ba za ka ƙi ba. Abin da na ga yana aiki shi ne mutum ya yanke rabon ƙarin tun kafin ya shigo: kaza na gida, kaza na kansa, sauran kuma banki ya riƙa cirewa da kansa zuwa wani asusu ranar da albashi ya sauka, ko ya tafi zubin adashe kafin a kai ga taɓa shi.