Goshina da Ragar Gashin Kanti

Saboda dinar auren 'yar baffana na shiga kasuwa neman hular gashi, irin mai raga a gaba, domin ɗaurin da ƙawayen amarya suka zaɓa ana tura shi baya ne gaban gashi ya fito. Mai shagon ta nuna mini wadda ragarta ke da faɗin inci 13 daga kunne zuwa kunne da zurfin inci 4, ta kuma ba ni shawarar in ɗauki mai cikar gashi kashi 150, ragar kuma ta yi kusa da launin fatata. Ni kuwa da na ga mai kashi 200 ta fi cika ido, sai na ce kuɗina ba zai tafi a kan gashi kaɗan ba.

Sai da na ɗora ta a gaban madubi na fahimci nufinta. Gashin mutum yakan fara ne tsilli-tsilli a bakin goshi sannan ya yi kauri, amma nawa ya tashi baƙi ƙirin a kan layi miƙaƙƙe, kamar an ja shi da rula. Maganinsa shi ne a bi bayan layin farko da hantsaki ana tsige sili ɗaya-ɗaya, ana tsallakawa, ana tajewa ana dubawa. Na dage a gefen hagu ina hira a waya, har sanƙo ya bayyana a hular da ba a taɓa fita da ita ba, dole na karkata tsagar ta rufe wurin.

Wurin zaman hular ma ya ba ni aiki. Ga yawancin mutane gashi yana farawa ne kimanin yatsu huɗu sama da gira, amma tsoron kada gam ya ci mini gashin gaba ya sa na jawo ta ƙasa sosai, sai ƙanwata ta leƙo ta tambaye ni ina na ajiye goshina. Na mayar da ita baya, na yanke rarar ragar a karkace-karkace, domin miƙaƙƙen yanka ido yana saurin kama shi.

Gam kuma ƙa'idarsa ita ce a goge maiƙon goshi, a shafa shi siriri, a jira farinsa ya washe ya zama garai-garai yana danƙo, sannan a kwantar da ragar a ɗaure ta da roba na wajen minti 10. Direba yana ta danna oda a waje, saboda haka na lafta da kauri, na manna tun yana fari fat, na bi da hoda.

Zafin Afrilu na Kano bai yi mini sassauci ba. Kafin a yanka kek gumi ya shiga ƙarƙashin ragar, gefen dama ya ɗaga, farin layi ya fito a kowane hoto da aka ɗauka da fitila. Gwaggona ta jawo ni gefe cikin tausayi ta ce, "'Yar nan, faɗuwa kika yi ne aka sa miki filasta?" Na amsa mata da cewa da sauƙi, na ja ɗankwalina har gira, ita kuwa ta zagaya tebur-tebur tana sanar da dangi, har da masu zuwa dubiya washegari da lemo da ayaba.