Maganar kwastoma amana ce, kada mu ƙara mata gishiri

Ina so in yi magana da 'yan uwana masu sana'a a waya, musamman mu da ke zaune Jidda da Makka da Madina muna sayar da man shafawa, turare, zuma da abaya, wasu a nan, wasu a aika Kano ko Yamai. Abin da ke damuna shi ne yadda muke ɗaukar saƙon godiya na kwastoma mu mayar da shi rubutun talla a ƙasan hoto. Da yawanmu ba ma ƙirƙirar ƙarya daga tushe. Saƙon na gaske ne, mutumin na gaske ne. Amma kafin ya hau sitatus mun yanke masa wani gefe, mun ɗora masa wani, har ya zama mai maganar ba za ta gane maganarta ba.

Mu ɗauki misali da man kaushi, tunda zafi da bushewar garin nan ba sa barin dunduniya lafiya. A ce wata baiwar Allah ta turo saƙon murya ta ce: "Hajiya, man nan mako uku ke nan ina shafawa kullum da daddare, sai in sa safa in kwanta. Kaushin ya ragu sosai, ƙafa ta yi laushi. Faso ɗaya ne na dunduniyar hagu bai rufe ba tukuna. Ƙamshin ya ɗan yi min ƙarfi. Ki ajiye min guda biyu."

Washegari sai ki ga an rubuta: "Kwastomominmu sun shaida! Cikin 'yan kwanaki kaushi da faso sun ɓace. Maganin faso sadidan."

Ki duba abin da ya faru a tsakani. Mace ɗaya ta zama "kwastomominmu". Mako uku ya zama 'yan kwanaki. "Ya ragu" ya zama "ya ɓace". Safa da shafawar kullum sun faɗi a hanya, alhali wataƙila su ne rabin aikin, domin duk wanda ya shafa mai ya rufe ƙafa dare ashirin da ɗaya a jere zai ga laushi. Fason da ta ce bai rufe ba kuwa, shi aka ce ya warke. Wannan na ƙarshen ya fi komai muni, don an juya maganarta ne gaba ɗaya.

A ganina sharuɗɗan da mutum ya faɗa, wato tsawon lokaci, yadda ya yi amfani da kayan, da abin da ya rage bai gyaru ba, suna cikin shaidar, ba ƙari ba ne da za a share don rubutu ya yi kyau. An yarda ki taƙaita. Ki cire gaisuwa, ki cire "ya yara, ya maigida", ki cire maimaici. Ƙamshin ma kina iya barinsa idan tallar ba a kan ƙamshi take ba, muddin ba ki koma kin rubuta cewa ta yaba ƙamshin ba. Amma abin da idan mai saye ya ji zai canja lissafinsa, wannan ba ki da ikon cire shi.

Ga yadda zan rubuta shi: "Wata kwastomarmu a Makka ta ce: 'Mako uku ke nan ina shafawa kullum da daddare, sai in sa safa in kwanta. Kaushin ya ragu sosai, ƙafa ta yi laushi. Faso ɗaya ne na dunduniyar hagu bai rufe ba tukuna.' Ta sake odar guda biyu." Abin da ke cikin alamar zance nata ne, kalma da kalma. Abin da ke waje nawa ne, kuma abu ne da zan iya nunawa: ta sake saye. Ni wannan jimlar ta ƙarshe ta fi min duk wani kirari ƙarfi, domin mutum ba ya sake fitar da riyal ɗinsa don kara.

Batun kara kuwa sai mun tsaya a kansa. Mu Hausawa muna da kunya. Ki tambayi maƙwabciyarki ya ta ga kayan, za ta ce "Ma sha Allah, ya yi kyau, Allah ya sa albarka", ko da ba ta buɗe kwalbar ba. Wannan addu'a ce da zumunci, ba shaida ba ce. Idan kina son shaida ta gaske, ki yi tambayar da ke da amsa: tun yaushe kika fara, sau nawa a rana, me ya canja, me bai canja ba? Kada ki ce "ai ya yi miki aiki ko?", don kin riga kin sa mata amsa a baki. Idan kuma kyauta kika ba ta kayan, ko ƙanwarki ce, ki faɗa a rubutun. Mai karatu yana auna yabon wanda ya biya daban da na wanda aka ba.

Sai kalmar "magani". Wanda ya sayi man ƙafa bai zama likita ba, ke ma ba ki zama ba. Ko da kwastoma da bakinta ta ce man ya warkar mata da ciwo, ranar da kika ɗora shi a shafinki ya zama iƙirarinki. Hatsarin a fili yake. Mai ciwon suga na iya samun tsaga a ƙafa bai ji zafinta ba saboda jijiyoyin sun yi rauni, ƙwayoyin cuta su shiga, abu ya kai ga yanke ƙafa. Idan ya karanta "maganin faso" ya zauna yana shafa mai maimakon ya je asibiti, da hannunki a ciki. Hukumar abinci da magunguna ta Saudiyya ba ta yarda a jingina wa kayan shafawa ko abinci warkar da cuta ba. Dokar kasuwancin intanet ta 2019 kuma ta hana talla mai ƙarya ko yaudara, ta ɗauki abin da aka rubuta a talla a matsayin wani ɓangare na yarjejeniyar ciniki, tararta na iya kaiwa riyal miliyan 1. Tun kafin wannan doka, mun san hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi me ya hana shi sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani. Fason da bai rufe ba shi ne jiƙaƙƙen namu.

Hanyar tantancewa mai sauƙi ce. Kafin ki ɗora, ki tura wa mai maganar rubutun yadda zai fita, ki ce: "Yaya, haka kika ce? Kin yarda in sa?" Idan kin ji nauyin tura mata, akwai abin da kika ƙara. A nan ne kuma za ki nemi izinin suna, murya da hoto, kowanne daban, don wadda ta yarda a rubuta maganarta ba lalle ta yarda a ji muryarta a TikTok ba, balle a ga ƙafarta. Idan hoton hirar WhatsApp za ki sa, ki rufe lamba da suna da hotonta. Hoton kafin da bayan shafawa kuma a ɗauke su a haske iri ɗaya, ƙafa a bushe a duka biyun, domin dunduniyar da aka shafa wa mai yanzun nan tana sheƙi ko da kaushin na nan. Ki ajiye asalin saƙon muryar da amsar izininta a wayarki, saboda ranar da wani zai ce ki nuna inda aka faɗa.