"As per my last email": ladabin ofis da ke isa kamar gatse

Jama'a, musamman ku matasanmu da ke aiki da ƙungiyoyin agaji, ko kuke aiki daga gida Kano ko Kaduna alhali mai gidanku yana Landan ko Toronto, akwai jimloli biyu na Turanci da nake so ku rage rubutawa a imel. Ta farko "As per my last email", ta biyu "Please be advised". Na san da yawanmu muna rubuta su da zuciya ɗaya, muna ganin Turanci ne na manya, na wanda ya san aiki. Amma wanda ya tashi da Turanci a bakinsa, in ya buɗe saƙo ya ga ta farkon, abin da kunnensa ke ji shi ne: "Ai na faɗa maka, ba ka karatu ne?" In ya ga ta biyun kuwa, sai ya gyara zama, don da irin ta takardar lauya da ta banki ke farawa.

Ba daga sama muka tsinci wannan salo ba. Gadon aikin gwamnati ne tun zamanin Turawa, inda wasiƙa ke buɗewa da "I am directed to inform you", ta ambaci lambar fayil da kwanan watan wasiƙar da ta gabata, sannan a shiga magana. A wancan tsari akwai dalili. Wasiƙa takan yi mako a hanya, akawu ne zai karɓa ya nemo fayil a rajista ya haɗa ta da 'yan'uwanta kafin a kai wa oga, saboda haka ambaton wasiƙar baya taimako ne ga mai karɓa. Su kansu Turawan sun daɗe da gajiya da abin. Tun 1948 Baitulmalin Birtaniya ya sa Ernest Gowers, wanda shi ma tsohon babban ma'aikacin gwamnati ne, ya rubuta wa ma'aikata jagora kan rubutu mai sauƙi. A 1979 Chrissie Maher ta kafa ƙungiyar yaƙi da murɗaɗɗen Turancin hukuma a Birtaniya, a 2010 kuma Obama ya sa hannu a dokar da ta wajabta wa hukumomin tarayyar Amurka rubuta wa jama'a da harshe mai sauƙi. Masu abin sun ajiye, mu kuma mun riƙe gam, har muna koya wa ƙannenmu masu neman aiki.

To, me ya sa abin da ya kasance taimako a takarda ya koma gatse a imel? Saboda a imel babu akawu, babu rajista. Saƙonka na baya yana nan a ƙasa, cikin zaren hirar. Idan ka ce wa mutum "kamar yadda na faɗa a saƙona na baya", babu wani sabon abu da ka ba shi. Abu ɗaya kawai jimlar ta isar: laifin ba nawa ba ne, naka ne. Idan kuwa ka tsaya nan ba ka maimaita amsar ba, ka haɗa masa da aiki, sai ya koma ya tono. Mu ma a Hausa mun san wannan. Yayanka ya tambaye ka ƙarfe nawa ne ɗaurin aure, ka ce masa "ai na faɗa maka jiya", ko da gaskiya ka faɗa, kowa a wurin ya san ka yi rashin kunya. Amsar ita ce "ƙarfe sha ɗaya, Yaya".

Wani zai ce, ai ni ba da wannan niyya na rubuta ba. Na yarda. Matsalar ita ce niyya ba ta bin waya. A 2005 wasu masana halayyar ɗan Adam, Justin Kruger da Nicholas Epley da abokan aikinsu, suka gwada wannan. Suka sa mutane su aika jimloli, wasu na gaske wasu na gatse, ta murya ko ta imel. Masu aikawa sun ɗauka za a gane nufinsu kusan kashi 80 cikin 100. Ta murya an gane kusan kashi uku cikin huɗu, ta imel kuwa wajen kashi 56 ne kawai, wato da ƙyar ya ɗara canki-canka. Dalilin da suka bayar ya zauna mini: lokacin da kake rubutu kana jin muryarka a cikin kanka, da taushinta da murmushinta, ka manta cewa wanda zai karanta haruffa kawai zai gani. Shi zai sa musu murya, kuma in ya gaji ko aiki ya yi masa yawa, ba murya mai daɗi zai sa ba.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce kai jami'in shiri ne a wata ƙungiya a Kano, za ku yi taron horar da malamai. Ranar Litinin ka aika wa jami'ar kuɗi da ke ofishin Landan dogon saƙo: gaisuwa, bayanin wurin taro, sunayen masu jawabi, batun masauki, sannan a sakin layi na huɗu ka ce mahalarta sun ƙaru daga 40 zuwa 55, don haka kuɗin abinci ya tashi daga naira miliyan 1.2 zuwa miliyan 1.65, kuma otal yana son rabin kuɗin kafin Juma'a. Ranar Laraba sai ga saƙonta layi ɗaya, tana tambaya mutum nawa ne za su zo. Ranka ya ɓaci, ka rubuta "As per my last email, the number has changed", ka ƙara sunan ogarta a CC, ka danna aikawa.

Duba ɓarnar da aka yi. Har yanzu ba ta san adadin ba, domin ba ka rubuta 55 ba. Dole ta koma saƙon Litinin, in kuma a waya take karantawa, Gmail kan naɗe tsohon rubutu a bayan ɗigo uku, sai ta buɗe ta yi ta ja ƙasa har sakin layi na huɗu. Batun biyan otal kafin Juma'a, wanda shi ne abin da ke gabanka, bai fito ba sam. Sannan sanya ogarta a CC ya mayar da tambayar minti ɗaya ta zama ƙara. Yanzu abin da ke ranta kare kanta, ba tura maka kuɗi ba. Kada ka yi mamaki in amsarta ta zo a bushe, ita ma ta sa naka ogan a CC, tana neman sabon kasafi da sa hannun mutum biyu. Ranar Juma'a ta zo, otal ya ba wa wasu zauren.

Ga abin da ya isa, layi uku:

```
55 participants (up from 40), so catering is now N1.65m.
The hotel needs 50% (N825,000) by Friday to hold the hall.
Can you approve by Thursday noon, Nigeria time?
```

Adadin ya zo farko, kuɗin ya biyo, sai abin da kake so ta yi da lokacin da kake so. Rabin miliyan 1.65 naira 825,000 ne, ka yi mata lissafin don kada ta ɗauko kalkuleta. Ka ambaci agogon Najeriya saboda daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris muna gaban Landan da awa ɗaya. Rubuta wannan bai fi rubuta gatsen cin lokaci ba. Kuma kafin ka ji haushin tambayarta, koma ka karanta saƙonka na Litinin da idon wanda ke da saƙo ɗari a akwatinsa. Lambar da aka binne a sakin layi na huɗu, a ƙarƙashin taken da ya ce "Workshop update" kawai, kusan ba a faɗe ta ba.

Ita kuwa "Please be advised", ciwonta daban. Babu mai magana a cikinta. Ba ka ce "ina sanar da kai" ba, ka ce "a sanar da kai", kamar hukuma ce ke magana ta bakinka. Shi ya sa ta dace da takardar kora, da sanarwar ƙarin kuɗin haya, da gargaɗin banki, inda da gangan ake son nisa tsakanin mai rubutu da mai karatu. Kai kuma ka ɗauko ta ka sa a gaban labarin cewa an ɗage mitin daga ƙarfe goma zuwa sha biyu. Hanyar gane ko tana da amfani mai sauƙi ce: goge ta ka karanta abin da ya saura. In ma'anar ba ta ragu ba, to ba ta ɗauke da komai sai tsoratarwa. Kalmar "please" da ke gabanta ba ta tausasa ta, kamar yadda "don Allah" ba ta gyara "don Allah rufe mana baki".

Na san abin da tsofaffin ma'aikata za su ce, kuma ba zan raina shi ba: a ofisoshinmu wanda bai kare kansa a rubuce ba, shi ake yankawa ranar da abu ya lalace. Gaskiya ne. Akwai ɗan kwangilar da zai rantse ba a taɓa gaya masa ba, akwai abokin aikin da sau uku kana tuna masa yana yin kunnen uwar shegu. A nan kana buƙatar shaida. Amma "as per my last email" shaida ce mai rauni, domin ba ta faɗi wane saƙo ba, ba ta faɗi me ya ƙunsa ba. Mai binciken kuɗi in ya zo bayan wata shida, ba abin da zai ɗauka a ciki. Abin da ke kare ka shi ne kwanan wata da zahirin magana: ranar 3 ga wata mun amince a kan kaza, ranar 10 na tuna maka, ga saƙon na liƙa, in bai iso ranar 17 ba, za mu ba wani. Wannan ya fi zafi ma, amma zafin na gaskiyar lamari ne, ba wanda zai ce ka zage shi. CC ɗin oga kuma a bar shi sai an kai wannan matakin, kuma ya fi kyau ka fara gaya wa mutumin cewa za ka sa shi.

Ban ce ku je ku yi wa babban sakatare a ma'aikata imel kamar kuna hira da aboki ba. Inda tsarin wasiƙar gwamnati yake, a bi shi, domin mai karantawa a can shi yake tsammani, kuma ba zai ji gatse a ciki ba. Ni da wanda ke rubuta wa abokin aiki ko kwastoma nake, musamman na ƙetare. Mu da muka saba ba ma shiga magana sai mun tambayi gida da iyali da gajiya, abin dariya ne a ce a Turanci kawai ake mana kallon masu izgili, saboda jimlar da muka haddace daga takardun rajista. In an tambaye ka abin da ka riga ka faɗa, sake faɗa a layi ɗaya. In an tambaya karo na uku, ɗauki waya ka kira, bayan kun gama ka aika gajeren saƙo mai ɗauke da abin da kuka tsayar da ranar da kuka tsayar da shi.