"Laftof guda 12, lafiya lau": rajistar da ba ta kama ɓarawo

A ofisoshi da dama a Kaduna, na gwamnati da na ƙungiyoyi, idan ka ce a nuna maka rajistar kaya, mai kula da sito zai buɗe maka katon littafi ka ga layi ɗaya tal: "Laftof HP, guda 12, lafiya lau." Ni a ganina wannan ƙidaya ce kawai. Rajista ba ta fara aiki sai kowace na'ura ta sami layinta, da lambar siriyal ɗinta, wato lambar da ita kaɗai ke da ita, da sunan mutumin da ya sa hannu ya karɓe ta.

Mu ɗauka ɗaya daga cikin goma sha biyun nan tana hannun akanta. Ƙurar hunturu ta toshe mata fanka, tana zafi tana mutuwa, sai aka kai ta gyara cikin gari. Bayan mako guda aka dawo da laftof baƙa, HP, mai kama da ita sak. An ƙirga, 12 sun cika. Amma wadda ta fita tana da RAM mai 16GB, wadda ta dawo 8GB gare ta. An zare rabin RAM ɗin ne a shago, ko na'urar ce gaba ɗaya aka musanya? Littafin sito ba shi da amsa, sai a koma rantse-rantse.

Da an rubuta siriyal, cikin minti biyu magana ta ƙare. Sai dai wurin rubuta ta ma ana tafka kuskure. A ƙarƙashin laftof ɗin HP akwai lambar siriyal, akwai kuma lambar samfuri, wadda duk na'urorin da aka ƙera iri ɗaya suke tarayya a kanta. In ka ga lamba ɗaya ta maimaitu a layi biyu na rajista, to ta samfuri aka kwafa. Dell kuwa Service Tag take kiran tata, haruffa da lambobi bakwai. Kuma sitika tana gogewa, murfin ƙasa ana iya canza shi, don haka a tambayi na'urar da kanta a PowerShell, manhajar Windows da ake rubuta umarni a cikinta:

```
Get-CimInstance Win32_BIOS | Select-Object SerialNumber
```

Idan abin da ya fito ya saɓa da na sitika, akwai bayanin da wani zai yi. Waya ta fi sauƙi: a danna *#06# lambar IMEI mai alƙaluma 15 ta fito. Mai sim biyu IMEI biyu gare ta, a rubuta duka.

Gurbin yanayin na'ura shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. "Lafiya lau" ba ta gaya wa kowa komai. A rubuta girman RAM da na ma'adana, da tsagewar gilashi in akwai, da ko caja na nan. Umarnin `powercfg /batteryreport` yana ajiye rahoto a fayil, mai nuna ƙarfin da aka ƙera batir da shi da wanda ya rage masa. Batirin da ya koma rabi, a garin da wuta ke zuwa tana tafiya, ai kuɗin sabo ne ya kamata ya shiga kasafi.

Ranar saye tana da amfani wajen garanti, amma tana ruɗi in kayan Beljiyam ne. Laftof da aka saya bara tana iya zama ƙirar 2016, wadda Windows 11 ba ta karɓa a hukumance, ga shi Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. A ƙara rubuta samfuri, da ko sabuwa aka saya.

Na san abin da za a ce: sa ma'aikaci ya rattaba hannu kamar zarginsa ne da sata. Gaskiya ita ce sa hannun ma'aikacin yake karewa. Wanda ya karɓi waya da gilashi a tsage, aka rubuta haka ranar, ba za a cire masa kuɗi a albashi ba ran da zai mayar. Inda tsarin ke rushewa daga sama ne. Darakta ya tafi da laftof gida, ƙaramin ma'aikaci ba ya iya miƙa masa takarda ya ce ranka ya daɗe sa hannu, sai a rubuta "ofishin darakta". Ofis kuwa ba ya amsa tambaya. Ran da aka yi masa canjin wurin aiki, ko dai na'urar ta bi shi, ko ya bar wayar ofis da asusunsa na Google a ciki, a goge ta ta ƙi buɗewa sai da kalmar sirrinsa. Shi ya sa nake ganin kada a sa hannu a takardar miƙa aiki ta kowa, har shugaban ma'aikata, sai mai sito ya kunna na'urar a gabansa, ya gwada siriyal da abin da ke littafi, kuma an cire asusun.