Kafin ka ce za ka gina manhajar banki, sauya mini fuloti ɗaya zuwa mita

Duk Asabar da yamma ina zama da wasu matasa a nan Tumfure muna koyon Python, yawancinsu da waya suke yi a Pydroid 3 saboda ba kowa ke da laftof ba. Kuma kusan duk sabon zuwa tambayarsa ɗaya ce: "Malam, yaushe za mu fara gina manhaja ta gaske?" Idan na ce a'a, tukuna, za mu fara da na'urar lissafin tukwici, sai kacici-kacici, sai mai sauya awo, nan take fuska ke canjawa, kamar na ce su koma aji ɗaya. Ni kuwa ra'ayina shi ne, a cikin ukun nan akwai wanda ya fi sauran nauyi nesa ba kusa ba, kuma shi ne wanda aka fi rainawa, wato mai sauya awo.

Na tukwici ba zan daɗe a kansa ba. Asalinsa daga al'adar Amurka ne, inda mai cin abinci ke ƙara wa ma'aikaci wani kaso bisa ɗari na kuɗin da ya kashe. Mu a nan ba wanda ke ciro waya a gaban mai tsire don ya lissafa kashi 15. Shi ya sa nake juya aikin ya koma rabon kuɗi: mutum shida sun sha shayi da ƙwai na naira 8,500, nawa kowa zai bayar? Kwamfuta za ta ce 1416.666 da jelar shida-shida, kuma ba mai shayin da zai karɓi wannan. Sai yaro ya zauna ya yanke shawara da kansa cewa a ɗaga zuwa hamsin mafi kusa, kowa ya ba da 1,450, a samu rarar naira 200. A nan ne kuma yake fara gane cewa duk abin da `input()` ta karɓa rubutu ne, ba lamba ba. Ka rubuta 50 ka ninka da biyu ba tare da `float()` mai mayar da rubutu lamba ba, za ka ga `5050`. Ka rubuta 8,500 da waƙafi kamar yadda muka saba, `float()` ta watso maka saƙon kuskure na `ValueError`. Darasi ne mai kyau, amma yini ɗaya ya ishe shi.

Kacici-kacici ya fi daɗi, shi ya sa yara ke son sa. Yana koyar da jera tambayoyi a `list`, da zagaya su da `for`, da riƙe maki. Abin da ya fi koyarwa a wurina shi ne halin ɗan Adam wajen rubutu. Ka tambaya, daga wace jiha aka ciro Gombe a 1996? Wani zai rubuta Bauchi, wani bauchi, wani kuma allon wayarsa zai ƙara masa fili a ƙarshe bai sani ba, kuma duk sun yi daidai, amma kwamfuta za ta kayar da biyu sai ka sa `.strip().lower()` ta share filin ta kuma mayar da haruffa ƙanana. Ka tambayi yawan ƙananan hukumomin Gombe, wani ya rubuta 11, wani ya rubuta sha ɗaya. Sai dai a kacici-kacici idan ka yi kuskure za ka sani nan take, domin abokinka zai taso maka da faɗa cewa an cinye masa maki.

To mai sauya awo ba ya faɗa. Yana ba ka amsar ƙarya cikin natsuwa, ba jan rubutu, ba ƙorafi. Abin da ya sa na fifita shi ke nan.

Bari in ba ku abin da ya faru da ƙanena. Na ce masa ya rubuta abin da zai karɓi tsawo da faɗin fili a ƙafa, ya fitar da girmansa a murabba'in mita, sannan ya faɗi fuloti nawa ke cikin hekta ɗaya. Fulotin da muka saba ji a bakin dillalai hamsin a ɗari ne, wato ƙafa 50 a ƙafa 100. Ya san ƙafa ɗaya mita 0.3048 ce, kuma wannan daidai ne cif, haka aka tsayar da ita tun yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1959. Ga abin da ya rubuta:

```python
fili = 50 * 100
print(fili * 0.3048)
```

Amsa ta fito 1524. Ya miƙo mini wayar yana murmushi, ya ce, "Yaya, ka ga ko kuskure ɗaya bai nuna ba." Na ce to madalla, hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, raba mu gani. Ya raba, ya samu fuloti shida da rabi. Sai na tambaye shi, gonar Baba ta hanyar Kumo da ake cewa ta kusa hekta, yana ganin gida shida kacal za ta ɗauka? Ya yi shiru, don ya sha noma a gonar, ƙafarsa ta san girmanta.

Inda ya zame shi ne ya ɗauki lambar sauya tsawo ya ɗora wa fili. Fili gefe biyu gare shi, kuma kowane gefe sai an sauya shi. Ƙafa 50 mita 15.24 ce, ƙafa 100 mita 30.48 ce, ka ninka su ka samu 464.5. Wato dole 0.3048 ta shigo sau biyu, ita a kanta, wanda ya ba da 0.09290304. Amsarsa ta ninka gaskiya fiye da sau uku. Hekta ɗaya tana ɗaukar irin wannan fuloti kusan 21 da rabi, kafin a cire titi da kwalbati, waɗanda a zahiri suke rage adadin sosai.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda ya so ya kare kansa. Ya ce ai ya gwada, ya mayar da 1524 ɗin zuwa ƙafa, ta dawo masa 5000 daidai. Mutane da yawa suna wannan gwajin na je-ka-ka-dawo suna kwanciya da hankalinsu. Amma in ka ninka da lamba ka sake rabawa da ita, dole ka dawo inda ka taso, ko da lambar ta ƙarya ce. Ka sa 7 ma za ta dawo da kai. Gwajin da ke kama ɓarawo shi ne wanda amsarsa ta fito daga waje, wadda ka riga ka sani kafin ka taɓa waya. Eka ɗaya murabba'in ƙafa 43,560 ce, kuma kusan murabba'in mita 4,047 ce. Ka ba manhajarka 43,560, in ta ce maka 13,277, ka san akwai ruɓa a ciki. Tun daga ranar na sa doka a ajinmu: ba wanda zai rubuta layi ɗaya sai ya kawo amsoshi uku a takarda waɗanda ya lissafa da biro.

Darasi na biyu yana zuwa ne idan awo ya ƙaru. Mai koyo yakan fara da `if` da `elif`: ƙafa zuwa mita, mita zuwa ƙafa, eka zuwa hekta, hekta zuwa eka, haka dai. Awo huɗu na buƙatar hanyoyi 12. In suka kai goma, hanyoyi 90 ke nan, kowace da lambar da za a iya kuskure a cikinta. Nakan bar su su wahala har su kai na takwas ko na tara, sai wani ya ɗago kai ya ce, "Malam, wai ba wata hanya?" Akwai. Ka zaɓi awo ɗaya ya zama tasha, kowa ya bi ta kansa:

```python
AWO = {"kafa2": 0.09290304, "mita2": 1,
       "eka": 4046.8564224, "hekta": 10000}

def sauya(adadi, daga, zuwa):
    return adadi * AWO[daga] / AWO[zuwa]

print(round(sauya(5000, "kafa2", "mita2"), 2))
```

Wannan zai ba ka 464.52. Yanzu in kana son ƙara fuloti, layi ɗaya za ka ƙara a teburin, ba ka taɓa lissafin ba. Kuma ku lura `round` a wurin nunawa kawai na sa shi. Wanda ya yanke lamba a tsakiyar lissafi, ya mayar da 0.0929 ta zama 0.09, ya zubar da kusan murabba'in mita 15 a fuloti ɗaya, girman ɗaki guda.

Da zarar sun ji daɗin teburin nan sai su so cusa komai a ciki, ni kuma sai in ce su saka zafin jiki. Nan dabarar ke karyewa. Teburin yana aiki ne saboda sifiri a ƙafa sifiri ne a mita. A ma'aunin zafi kuwa 0 a Salsiyos 32 ce a Faranhait, don haka ninkawa kaɗai ba ta isa, sai an haɗa da tarawa: `F = C * 9 / 5 + 32`. Zafin jiki 37 ya zama 98.6, zafin Afrilu na 40 ya zama 104. Dole a ba shi nasa lissafin daban.

Sai kuma tambayar da na fi so, wadda wata ɗaliba ta yi, mahaifinta yana harkar hatsi a Tudun Hatsi. Ta ce tana son ta saka mudu zuwa kilo. Na ce bismilla, wace lamba za ki sa? Ta ce za ta tambayi Baba. Mako na zagayowa ta dawo ta ce Baba ya yi dariya, ya ce mudun me, na wace kasuwa, an yi masa tozo ko an shafe? Gaskiyarsa. Mudu cika yake aunawa, kilo kuwa nauyi, don haka mudun gero da na gyaɗa ba za su yi nauyi ɗaya ba, kuma hatsin kaka mai danshi ba ɗaya yake da wanda ya bushe a rumbu ba. Ƙafa tana da lamba ɗaya a duk duniya saboda an zauna an yarda a kanta, mudu kuwa ba a yi masa wannan zaman ba. Abin da muka yi shi ne, manhajarta ta daina riya cewa ta sani. Tana tambayar mai amfani ya ɗora mudu ɗaya na kayansa a sikeli ya shigar da nauyin, daga nan ta lissafa masa buhu.

Na san wasu za su ce duk wannan lissafin firamare ne, ba kodin ba. A 1999 hukumar NASA ta rasa kumbonta Mars Climate Orbiter a daidai isarsa duniyar Mars, kuma bincike ya nuna wata manhaja tana fitar da alƙaluman ƙarfin tunkuɗa a awon fam, ɗayar kuma tana karɓar su a matsayin wani awon daban mai suna niyuton. Lambobi suna ta wucewa, ba wadda ta nuna jan rubutu, irin dai 1524 ɗin ƙanena.

Shi ya sa a ajinmu na hana sunaye irin `x` da `fili` tsirara. In lamba ta ƙafa ce, a kira ta `tsawo_kafa`, in ta mita ce `tsawo_mita`, don ido ya ga awon a duk layin da ta bi. Ƙanen nawa yanzu ya ƙara yadi a nasa saboda wani tela a Jekadafari da ke sayo yadi amma masu ɗinki suna turo masa awo a santimita. Ya sa 0.9144, kuma kafin ya nuna mini sai da ya ari tef ɗin telan ya auna yadi ɗaya da hannunsa, ya ga ya tsaya a santimita 91 da ɗoriya.