Daren da Kaka ta kai takardata asibitin malamai

Ƙarfe tara na dare na buɗe jakata don in ƙara duba sunan cibiyar da zan rubuta JAMB, sai na tarar babu silif. Wannan takarda kuwa ita ke ɗauke da hotona, lambar rajista, rana, lokaci da cibiya. Abin da na iya tunawa kawai shi ne Ikorodu, kuma ana son mu isa shida da rabi na safe. Daga Agege fa!

Nan take gida ya hargitse. Umma ta ɗaga katifa, Yaya ya zazzage kwandon shara, Auta kuwa ya sha rankwashi biyu kafin ma a tambaye shi, saboda ya taɓa yin jirgi da rasit ɗin haya. Muna cikin haka aka ɗauke wuta. Baba ya leƙo da tocila ya ce, "Ke da ba ki iya riƙe takarda ɗaya ba, ke ce za ki riƙe fayil ɗin marasa lafiya?"

Yaya ne ya yi hankali. Ya ce silif ba satifiket ba ne, ana sake buga shi a shafin JAMB in dai akwai lambar rajista. Lambar tana jikin ɗaya takardar, wadda aka ba ni ranar rajista, ita kuma Allah ya sa Umma ta adana ta cikin kwalla tare da takardun haihuwarmu. Saura inji. Muka je muka yi ta buga ƙofar mai kafe na layinmu har ya fito da gajeren wando. Ya ce kuɗin bugu daban, kuɗin man janareta daban, na tashinsa daga barci ma daban. Yaya ya biya yana ƙunƙuni, ya sa aka buga kwafi uku.

Mun dawo wajen sha ɗaya, sai ga Kaka zaune a kan darduma, wadda duk hayaniyar nan ba ta ce uffan ba. Ta kwance bakin zaninta ta zaro wani abu a ninke kamar laya.

"Ungo, 'yar nan. Na kai wa malam ya yi tofi, na kuma yayyafa mata rubutu."

Na warware. Tawada ta narke, lambar ta zama baƙin layi, fuskata ta tsiyaye har kan haɓa.

"Kaka, ai da kin faɗa!"

"Wa ya tambaye ni? Ni na ɗauka ɓera kuke nema."

Sai ta hango sababbin a hannuna ta miƙo hannu, wai a kawo su ma kada su tafi haka nan ba kariya. Yaya ya fizge su ya cusa a cikin hularsa, a ciki suka kwana.